Darasi na Tara: Imel Mai Tambayoyi da Yawa

A darasin da ya gabata mun koyi buɗe sabon saƙo da tura shi. Yau za mu duba abin da ke faruwa idan mutum yana da tambaya huɗu ko biyar, kuma yana son kowace ta samu amsarta.

Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa da ƙuliƙuli a Gumel. Sun tara kuɗi suna son sayen injin matsar mai, sai sakatariyarsu ta rubuta wa wani dillalin injuna a Kano. Ga abin da ta tura:

"Assalamu alaikum Alhaji, ya kasuwa? Mu ƙungiyar mata ce muna yin man gyaɗa, muna son sanin kuɗin ƙaramin injin matsar mai kuma ko da lantarki yake aiki don wutarmu ba ta zama, sannan ko kuna kawowa har Gumel ko mu za mu zo mu ɗauka, kuma idan ya lalace fa, sannan muna tunanin ko za a iya biya sau biyu. Mun gode."

Alhaji ya amsa da layi biyu. Ya faɗi kuɗin injin, ya yi musu sallama. Tambaya biyar aka yi masa, ɗaya ya amsa.

Kada ku ce wulaƙanci ya yi musu. A waya ya karanta, yana tsakiyar kasuwa, mai yiwuwa ga wani tsaye a gabansa yana taya kaya. Kuma da zarar mutum ya danna Reply ya fara rubutu, maɓallan rubutu sukan cinye rabin fuskar wayar, saƙon da aka aiko masa ya koma ƙasa inda ba ya ganinsa. Abin da ya rage masa a ka shi zai amsa, galibi tambayar farko ko ta ƙarshe. Na tsakiya su ne ke ɓata.

Sannan ku sake duba saƙon da kyau. "Idan ya lalace fa" me take nufi? Gyara take tambaya, ko canji, ko inda ake samun kayan gyara? Ko Alhaji ya so amsawa, bai san ta inda zai kama ba. Shi kuwa "muna tunanin ko za a iya biya sau biyu" bai ma fito a matsayin tambaya ba. Kunya ce ta sa aka lulluɓe maganar, kuma mai karatu zai iya wuce ta kamar labari aka ba shi. Kunya tana da wurinta a gaisuwa, amma a wurin tambayar kuɗi gara a fito fili cikin ladabi.

Gyaran yana farawa tun kafin a taɓa waya. Ku ɗauki takarda da biro, ku rubuta duk abin da kuke son sani, kowane a layinsa. Duk layin da kuka ga "kuma" ko "sannan" a tsakiyarsa, ku tsaya ku duba, sau da yawa tambaya biyu ce aka haɗe. Ku raba su, kamar yadda mai kayan miya ke ƙulla gishiri daban, daddawa daban. Daga nan ku ɗora mafi muhimmanci a sama. A wurin matan nan, maganar lantarki ta fi kuɗin nauyi, domin idan injin ba ya aiki sai da wutar da ba su samu, sanin kuɗinsa ba zai amfane su da komai ba.

Ga yadda saƙon ya koma. A gurbin da aka rubuta Subject ta sa: Tambayoyi 5 kan ƙaramin injin matsar man gyaɗa.

Assalamu alaikum Alhaji. Da fatan kana lafiya, ya kasuwa?

Ni ce sakatariyar ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa a Gumel. Muna son sayen ƙaramin injin matsar mai guda ɗaya. Ina da tambayoyi 5, don Allah a amsa kowace da lambarta.

1. Injin da lantarki yake aiki ko da man dizal? Wuta ba ta zama a unguwarmu.

2. Nawa ne kuɗinsa?

3. Kuna kawowa har Gumel? Idan kuna kawowa, nawa ne kuɗin mota?

4. Idan ya samu matsala a watannin farko, ku ne za ku gyara ko mu?

5. Za mu iya biyan rabi yanzu, rabi ranar da aka kawo?

Za mu yi taro ranar Asabar, muna fatan samun amsa kafin nan. Mun gode, Allah ya ba da kasuwa.

Gaisuwar tana nan, ba a yanke ta ba, an dai ba ta layinta. An faɗi yawan tambayoyin tun daga sama, don haka idan Alhaji ya amsa uku, shi da kansa ya san saura biyu. Bayanin wuta yana manne da tambayarsa ta 1, ba a watsa shi can cikin gabatarwa ba. Kowace tambaya ta ƙare da alamar tambaya, kuma tsakaninta da mai bi mata akwai fili. Ana samun filin nan ta danna maɓallin sabon layi sau biyu, wato maɓalli mai lanƙwasasshiyar kibiya a ƙasan dama, wanda a kwamfuta aka rubuta masa Enter.

Wani zai ce ai lamba ta 3 tambaya biyu ce. Gaskiya ne, amma ta biyun ta dogara da ta farko: idan ba sa kawowa, maganar kuɗin mota ta faɗi. Irin wannan kaɗai ake bari a lamba ɗaya.

Amfanin lambar shi ne tana rage wa mai amsa wahala. Ba sai ya maimaita maganarku ba. Zai iya rubuta "1. Dizal. 3. E, muna kawowa," ku kuma kun gane sarai abin da yake nufi.

Idan amsa ta zo, ku ɗauko takardar nan ku bi lamba-lamba kuna sa alama. A ce ya tsallake ta 4. Kada ku buɗe sabon saƙo, kada kuma ku sake turo duka biyar ɗin. Ku danna Reply a kan amsarsa, ku rubuta: "Mun gode Alhaji, mun ga amsa. Saura ta 4: idan ya samu matsala a watannin farko, ku ne za ku gyara ko mu?" Ku sake rubuta tambayar cikakkiya, kada ya sha wahalar komawa baya nemanta. Wani lokaci mantuwa ce. Wani lokaci kuma dillali yakan kauce wa maganar gyara da gangan, kuma gara ku gane haka kafin kuɗi ya bar hannunku.

A ganina idan tambayoyi suka haura shida, saƙon ya yi nauyi ko da lamba. Ku tura waɗanda shawararku ta rataya a kansu, sauran su jira zagaye na biyu. Haka nan idan ba mutum ɗaya ne ke da amsoshin ba, misali kuɗin makaranta na wurin ma'aji, sakamakon jarrabawa na wurin malamin aji, to kowa a rubuta masa nasa saƙon. Idan aka haɗa su a saƙo ɗaya, kowane sai ya zaci ɗayan zai amsa.

Aikin yi

Kuna son sa ɗanku a makarantar koyon ɗinki. Ku rubuta tambayoyi huɗu a takarda, kowace da lambarta, mafi muhimmanci a sama. Ku miƙa wa na kusa da ku ya amsa su da baki. Duk tambayar da ya ce muku "me kuke nufi?", ku sake rubuta ta, sannan ku shigar da saƙon a waya ku tura wa malamin aji.