Kurakuran da ke cinye makin insha'in labari

Na gaji da ganin ɗalibai suna fara labari tun daga tashi daga barci. An ce ka rubuta ranar da ba za ka manta ba, kuma abin da ya faru shi ne gobara a ɗakin kwanan ɗalibai. Sai ka cika shafi guda da wanka da sa kaya da tafiya aji. Kafin wutar ta kama, lokaci ya kusa ƙarewa, sai ka dunƙule gobarar a layi uku. Haka wata ɗalibata da ta fi kowa iya rubutu ta yi asarar maki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ka fara daf da inda abin ya ɓaci: "Hayaƙi ne ya tashe ni, kuma nan take na tuna ban kashe dutsen guga ba." Jimla ɗaya ta kawo matsala, ta kuma nuna mai laifi. Mai duba takarda zai so ya ji sauran.

Ni abin da nake sa ɗalibaina su yi, in minti 40 gare su, su ware 5 su jera aukuwa huɗu a gefen takarda: hayaƙi, gudu waje, an gano wani yaro bai fito ba, an ciro shi. Kowace ta samu sakin layinta, ta uku ta fi tsawo, don nan ne hankali ya fi tashi. Sannan su rubuta jimlar ƙarshe tun kafin ta farko. Wasu malamai ba su yarda da wannan ba, amma ni na ga amfaninsa.

Sai kuma "firgigit na farka, ashe mafarki ne". Haba! Ka sa mutum ya damu da yaron da ke cikin wuta, sannan ka ce babu yaron, babu wutar? Wannan gudun aiki ne, kuma mai duba takarda ya gan shi har ya ƙosa. Ƙarshe daga cikin labarin yake fitowa. Tunda ka ambaci dutsen guga, dole a ji ko ka je gaban shugaban makaranta ka amsa laifinka, ko ka yi shiru an hukunta wani. In tambayar ta ba da jimlar da za a rufe da ita, ka kwafe ta yadda take, kuma aukuwarka ta ƙarshe ta kai ga gare ta, kada ka manna ta kawai.

Sauran ƙanana ne. In ka fara da "na", kada a tsakiya ka koma "ya". Rage "sai... sai...", ka maye gurbinsa da "bayan nan", "ana cikin haka", "da gari ya waye". Kada wani baƙo ya faɗo a sakin layin ƙarshe ya warware komai. Ka bar minti 5 na duba aya da waƙafi.