Yadda Ake Rufe Lissafin Rana a Otal: Aikin Oditan Dare

Yawancin yaran da na koya wa aikin dare a otal ɗinmu na Wuse II a wuri ɗaya suke faɗuwa. Da ƙarfe sha biyu ta buga sai hannu ya fara yi musu ƙaiƙayi, su je su danna End of Day, wato maɓallin rufe lissafin rana, a kwamfuta don a ce sun gama da wuri. To ranar otal ba ta bin agogon bango. Ko ƙarfe biyu na dare ne, muddin ba ka rufe ba, kwamfuta tana nan a kwanan watan jiya, kuma haka ake so. Da zarar ka rufe, ranar ta kulle, ba ka da hanyar komawa cikinta. Kuskuren da za ka goge cikin minti ɗaya kafin rufewa, bayan rufewa ya zama gyara a sabuwar rana, sai da takarda, da sa hannun manaja, da bayani a gaban akanta. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a nan aiki ne na kafin ka taɓa wannan maɓallin.

Ka karɓi aiki da ƙarfe goma ko sha ɗaya, gwargwadon tsarin gidanku. Kada ka bar kashiyan yamma ya tafi sai kun ƙirga kuɗin aljihun tebur tare, kun ware kuɗin canji da ake bari kullum, ya sa hannu kai ma ka sa. Zai ce maka motar Kubwa ko ta Nyanya za ta ƙare masa, kuma gaskiya ya faɗa, amma minti goma ne. In ya tafi ba ku ƙirga ba, duk giɓin da ya fito da asuba a wuyanka yake. Haka ma gidan abinci, da wanki, da masu kai abinci ɗaki: kowa ya rufe nasa, ya kawo maka rasitansa a ɗaure. Bil ɗin da baƙo ya ce a sa masa a ɗaki, ka duba lambar ɗakin da sunan da sa hannun. Ɗaki 214 da 241 sun sha cin tuwon juna a hannunmu.

Sai ɗakuna. Ka buɗe jerin Due Out, wato waɗanda ya kamata su fita yau amma kwamfuta na ganin suna ciki. Ka gwada da rahoton masu gyaran ɗaki. Wanda ya tafi a fitar da shi, wanda ya ƙara kwana a ƙara masa, domin manhaja irin su Opera ba za ta yarda ta rufe rana da irin waɗannan a rataye ba. Sannan waɗanda suka kama ɗaki ba su iso ba. A Abuja kada ka yi saurin mayar da kowa No Show, domin jirgin Legas na yamma kan makara, ga tafiya daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa cikin gari, sai ka ga mutum ya shigo da jakarsa ƙarfe ɗaya da rabi. Ni ba na rufewa kafin ƙarfe biyu, kuma ban yarda wani ya rufe ba. Baƙon da ya zo ƙarfe ɗaya da rabi daren jiya ya kwana, a lissafin jiya zai shiga. In ka riga ka rufe, kwamfuta za ta ɗauka yau ya zo, kuɗin kwana ɗaya ya salwanta sai dai ka tuna ka shigar da shi da hannu, kuma mai sabon hannu ba ya tunawa. Kafin ka bar ɗakuna, ka bi farashin kowane ɗaki da ido. Wanda aka yi wa ragi, wa ya ba da izini? In babu takarda, ka rubuta wa manaja, kada ka gyara da kanka.

Yanzu ga inda aikin yake, inda ni ma na sha wuya a watannina na farko: daidaita kuɗin da kwamfuta ta ce an karɓa da kuɗin da aka karɓa da gaske. Hanya uku kuɗi ke shigo mana, tsaba, kati, da taransifa, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 taransifa ta yi yawa ƙwarai. Kowace hanya tana da shaidarta. Tsaba, kuɗin da ka ƙirga. Kati, takardar jimilla da za ka fitar daga kowane injin POS, haɗe da ƙananan rasitai. Taransifa, abin da ya sauka a asusun otal, ko alat na wayar ofis ko bayanin banki. Hoton rasit da baƙo ya nuna a wayarsa ba shaida ba ce ko da Alhajin da ka sani shekara goma ne. Ka ja layi uku a takarda, kowace hanya da layinta. Kada ka haɗa jimilla ɗaya ka gwada, domin kurakurai biyu kan rufe wa juna asiri.

Bari in ba da misalin wani dare. Kwamfuta ta ce tsaba ₦412,000, amma bayan na cire kuɗin canji abin da ke hannu ₦327,000 ne, giɓin ₦85,000. Yaron da nake koya wa nan take fuskarsa ta canza, ya ce, "Oga, wallahi an ɗebi kuɗi." Na ce masa ya bari mu ga layi na biyu tukuna. A kati kwamfuta ta ce ₦1,160,000, injinan POS kuma suka ba da ₦1,245,000, rarar ₦85,000 cif. Idan giɓin wani layi ya yi daidai da rarar wani, babu kuɗin da ya ɓata, an dai shigar da biya a gurbin da ba nasa ba. Muka bi rasitan kati ɗaya bayan ɗaya, muka sami na ₦85,000 wanda babu takwaransa a jerin kati na kwamfuta, amma ga shi zaune a jerin tsaba, ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya. Kashiyar rana ce ta danna tsaba alhali baƙon da kati ya biya. Muka soke shigarwar, muka sake ta a matsayin kati, muka rubuta dalili.

Layi na uku ya fi ba mu aiki. Kwamfuta ta ce taransifa ₦646,500, banki ya nuna ₦592,500. Bambanci ₦54,000, kuma babu wata taransifa ta wannan adadin a ko'ina. A nan sabon shiga ke fara tara lambobi sama da ƙasa har asuba. Ga dabarar: ka raba bambancin da tara. In ya rabu babu saura, akwai yiwuwar an juya lambobi biyu wajen bugawa. ₦54,000 in ka raba da tara ₦6,000 ne daidai. Sai muka daina tarawa, muka koma neman adadin da ya yi kama da ɗan'uwansa. Ga shi kuwa: banki ya nuna ₦117,500, kwamfuta ta nuna ₦171,500. Adadin gaskiya ma a bayyane yake, domin ɗakin na ₦100,000 ne, da kuɗin hidima kashi 10 cikin ɗari, ₦10,000, da harajin VAT kashi 7.5, ₦7,500. Da mun buɗe bil ɗin baƙon tun farko da mun gani, domin yana nuna wai shi ke bin otal ₦54,000. Da a ce an rufe ranar haka, da safe ya zo fita, mai risefshan na iya mayar masa da kuɗin da bai taɓa biya ba.

Akwai matsala ta uku da ba ta fito a wannan daren ba amma tana yawan zuwa. In bambancin ya ƙi rabuwa da tara, ka raba shi biyu ka nemi rabin. Wani ya so ya cire ₦20,000 sai ya ƙara ta, bambancin zai fito ₦40,000. In kuwa bambancin ya yi daidai da wani rasit guda, to ko an shigar da shi sau biyu, ko ba a shigar ba sam.

Abu biyu game da POS. Na farko, rasitin da ya fito da DECLINED ba biya ba ne, ko da baƙo ya nuna maka an cire masa kuɗi. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, kuɗin bai iso mana ba, bankinka ne zai mayar maka." Ka ba shi rasitin ya kai ƙorafi da shi, ka riƙe kwafi, bil ɗinsa ya zauna a buɗe. Na biyu, shi injin agogo yake bi. Wanda ya biya ƙarfe ɗaya na dare, rasitinsa na ɗauke da kwanan watan yau, kai kuwa a jiya ka shigar da shi. Ka ware irin waɗannan rasitai ka maƙala musu takarda, in ba haka ba akanta zai ga giɓi a rana ɗaya, rara a washegari, ya kira ka kana tsakiyar barci. Takardar POS kuma rubutunta na dushewa, musamman in ta sha zafi, don haka ka yi hoton duka a takarda guda. Na san manajoji na kuka da tsadar takarda da tawada, amma shafi biyu ne a dare.

In layukan nan uku sun daidaita, sauran mai sauƙi ne. Ka fitar da jerin baƙin da ke ciki da abin da ake bin kowa, ka ajiye a takarda ko da kwamfuta za ta tsaya. Ka tambayi mai janareta ko yana shirin canja wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rufewa na iya barin wasu ɗakuna an sa musu kuɗin kwana wasu ba a sa ba. Ka sa kowa ya fita daga manhajar, sannan ka danna End of Day. Ita za ta sa kuɗin ɗaki da haraji a kan kowane bil, ta juya kwanan wata, ta fitar da rahotanni.

A cikinsu Trial Balance za ka fara dubawa. Abin da ake bin baƙi jiya, a ƙara cajin yau, a cire abin da aka biya, dole ya ba da abin da ake binsu yanzu. A daren can an tashi da ₦2,400,000, aka yi cajin ₦3,150,000, aka biya ₦2,164,500 bayan gyara, saura ₦3,385,500, kuma abin da rahoton ya nuna ke nan. In an mayar da bil ɗin wani zuwa asusun kamfani ko ma'aikatar da za ta biya daga baya, shi ma ka cire shi. Ka haɗa rahoton manaja, da rasitai, da takardar gyare-gyaren da ka yi, kowanne da lambar ɗaki da dalili, kuɗi ya shiga sef da shaida, ambulan ya tafi teburin akanta. Zuwa lokacin an kusa kiran assalatu, masu jirgin safe sun fara saukowa suna neman bil ɗinsu.