Wasiƙa ga Alhaji kan dalilin sake rubuta taken shafukan shago

Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan ana cikin ƙoshin lafiya da ku da iyali da yaran shago, na kammala duba shafinku na intanet kamar yadda kuka umarta, kuma abin da na ga ya fi buƙatar gyara cikin gaggawa shi ne taken shafuka.

Taken da nake nufi ba shi ne babban rubutun da ke saman hoton kaya ba. Layi ɗaya ne da ke cikin lambobin ginin shafi, kuma yawanci shi Google ke ɗauka ya nuna a matsayin rubutun da ake latsawa idan mutum ya yi bincike. Mai neman shadda daga Zariya ko Maraɗi wannan layin yake fara gani kafin ya ga hoto ko farashi, da shi kuma yake yanke shawarar ko ya shigo wurinku ko ya wuce wurin wani. Za ku iya gani da idonku idan kuka rubuta `site:` a Google, sannan adireshin shafinku ya biyo baya ba tare da tazara ba.

Kuskure mafi girma yana shafin farko, inda taken yake haka:

```html
<title>Home</title>
```

Wannan shi ne taken da manhajar gina shafin ta zo da shi, ba a taɓa canza shi ba. Bai ambaci shadda ko atamfa ba, bai ce ana sari ba, bai ma nuna cewa a Kano kuke ba, tamkar shago ne a tsakiyar Kantin Kwari da aka rataya wa allo babu rubutu. Ga abin da nake so ya koma, da sunan shagonku na ainihi a ƙarshe:

```html
<title>Shadda da Atamfa a Sari, Kantin Kwari Kano | Sunan Shago</title>
```

Da gangan na gabatar da kayan a kan sunan shago. Google yana yanke take gwargwadon faɗin wurin da yake da shi, abin da ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka sau da yawa yakan ɓace, a bar ɗigo uku a madadinsa. A yanzu shafin leshi ya fara ne da cikakken sunan kamfani da kalaman maraba, har sai da wurin ya cika kafin a kai ga kalmar leshi, saboda haka mai bincike ba ya ganinta ko kaɗan. Wanda ya riga ya san sunanku zai same ku ta kowace hanya, amma baƙon da muke nema da sunan kaya yake bincike.

Matsala ta gaba ita ce maimaici. Shafukan atamfa, yadin maza da mayafai duk take ɗaya suke ɗauke da shi, don haka mai bincike ba ya iya bambance su, shi ma Google yakan ajiye taken ya tsamo wani rubutu daga cikin shafin ya sa a madadinsa, wani lokaci rubutun da ba ku so. Kowane shafi zai samu takensa na kansa wanda ya faɗi abin da ke cikinsa. Akwai kuma shafi ɗaya da aka jera kalmar shadda sau biyar a takensa da niyyar jan hankalin Google. Wannan ba ya ƙara komai, sai dai ya sa mai karatu ya yi shakkar ingancin wurin, kuma zan mayar da ita sau ɗaya.

Adireshin shafuka, hotuna, farashi da lambar waya ba za a taɓa su ba, saboda haka duk mahaɗin da kuka riga kuka tura wa abokan ciniki zai ci gaba da aiki. Sabon taken ba zai bayyana a Google nan take ba, domin sai ya sake ziyartar kowane shafi, kuma hakan kan ɗauki kwanaki ko makonni. Ba zan yi muku alkawarin hawa matsayi na ɗaya ba, domin take ɗaya ne daga cikin abubuwa da yawa da ake aunawa, kuma ko bayan gyara Google na iya sauya wasu. Abin da za mu auna a Search Console, wato shafin Google da ke nuna wa mai shafi alƙaluman bincike, shi ne yawan lokutan da aka nuna shafinku da yawan waɗanda suka latsa, mu kwatanta watan da ya gabaci gyara da wanda ya biyo baya, tare da la'akari da cewa ciniki kan tashi da kansa gab da Sallah.

Abin da nake roƙo daga gare ku shi ne ku sa babban yaron shago ya rubuto mini sunayen da masu saye ke kiran kowane yadi da su idan sun bugo waya, tare da bayanin wanda ake sari da wanda ake sayarwa ɗai-ɗai. Da su zan tsara jerin tsohon take da sabo, in kawo muku ku amince kafin a canza ko guda. Allah ya ƙara buɗi.