Yadda na raba wayar Baba da tallan da ke faɗo masa

Baba ya dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya miƙo min wayarsa: "Kai yaro, duba min, tallan caca na ta faɗowa ko ban taɓa komai ba." Har da hotunan banza, abin ya dame ni ƙwarai.

Na danna tallan na riƙe, sai na ga alamar Chrome da sunan wani shafi a ƙasa. Ashe wata rana shafin ya nemi izinin turo saƙo, Baba ya taɓa Allow bai sani ba. Wannan izinin ba ya mutuwa don an rufe burauza, muddin akwai data saƙo zai shigo. Na buɗe Chrome, ɗigo uku na sama, Settings, Site settings, Notifications. Shafuka 4 na tarar a ƙarƙashin Allowed, na toshe su duka.

Saura wani mai rufe fuskar waya gaba ɗaya. Wannan ba na burauza ba ne. A Settings na wayar kanta, ƙarƙashin Special app access, cikin Display over other apps, na kama wata manhajar tocila da aka tura masa wajen masu caji. Na kashe izinin, na goge ta. Kwana 3 ke nan shiru.