Kurakuran da aka fi yi a tambayoyin dayis da kiyub

Wallahi na gaji da ganin masu koyo suna zubar da maki a tambayar dayis, irin wadda za a nuna maka ɗan lido guda a zane biyu ko uku a ce wace lamba ce ke bayan wace.

Babbar matsalar ita ce lissafin 7, wato ɗauka cewa kowace lamba da ta bayanta in an haɗa su 7 ne. Eh, a ɗan lido na gaske 1 tana bayan 6, 2 bayan 5, 3 bayan 4, amma wa ya ce maka mai tambayar da shi ya yi aiki? Lambobin ya jera yadda ya ga dama. Ni kafin na taɓa komai sai na duba ko akwai fuska biyu a zane ɗaya da suka haɗa 7, in akwai to maganar 7 ta mutu, don duk fuskokin da ka gani tare maƙwabta ne, ba yadda za a yi ɗaya ta zama bayan ɗaya.

Kuskure na biyu kuma shi ne ya taɓa cinye min maki, shi ya sa nake jin haushinsa. A ce zanen farko 3 a sama, 6 a dama, 1 a gaba. Na biyu 2 a sama, 3 a dama, 5 a gaba. Sai ka ga mutum ya ce ai 1 da 5 duk a gaba suke, to su ne bayan juna. Haba malam! Ba ka ga 3 ta sauko daga sama ta koma dama ba? An juya kiyub ɗin fa. Abin da nake yi, na ɗora biro kan lambar da ta fito a zanen biyu, wato 3, na zagaya yadda hannun agogo ke tafiya, sama zuwa dama zuwa gaba. Na farko zai ba ni 3, 6, 1, na biyu 3, 5, 2, sai na rubuta wannan a ƙarƙashin wancan, 6 ta faɗa kan 5, 1 kan 2, su ne bayan juna. Ita 3 kuma, lambar da ba ta fito ba ko sau ɗaya ce a bayanta, wato 4. Kar ka ce ga 7 ɗinka ta dawo, dace ne kawai. Kuma don Allah kar ka zagaya ɗaya ta hannun agogo ɗaya kuma a juye, amsar gaba ɗaya za ta birkice.

In lamba biyu ne suka fito a zanen biyu ba sai ka zagaya ba, ragowar biyun in sun bambanta su ne bayan juna.

Masu lumshe ido suna juya kiyub a ka kuma, ku rubuta a takarda mana, maƙwabta huɗu kacal kowace fuska ke da su, da ka lissafo huɗun ta biyar ɗin da ta rage ita ce amsa.