Babi na Tara: Guraben Aikatau, Yadda Ake Ƙara Su da Yadda Ake Rage Su

A wannan babi za mu ɗauki mota guda ɗaya da mutum biyu, Musa da Audu, mu riƙa juya su cikin jimloli har mu ga yadda aikatau yake karɓar sabon mai shiga cikin aiki ko kuma ya sallami wanda yake ciki. Duk mai jin Hausa yana yin wannan juyi kullum ba tare da ya lura ba, amma mai son ya rubuta wasiƙa ko rahoto yana bukatar ya san abin da yake yi, domin a takarda babu damar a tambaye shi wa ya yi me, kuma wa aka yi wa.

Kowane aikatau yana zuwa da guraben da dole a cike su kafin jimla ta tsaya da ƙafarta. Idan aka ce "Mota ta tsaya", magana ta cika, domin "tsaya" gurbi ɗaya yake nema, wato na wanda ya tsaya. Irin wannan shi ake kira aikatau ƙi-karɓau. Amma "gyara" gurbi biyu yake nema, na aikau da na karɓau, kamar a "Musa ya gyara mota", shi ya sa ake kiran sa so-karɓau. Akwai kuma mai neman uku, kamar "ba" a cikin "Musa ya ba Audu mota". Kalmomin lokaci da na wuri, irin su "jiya" ko "a bakin hanya", ba a ƙirga su, domin ana iya cire su jimla ta zauna daram. Wani masanin harshe Bafaranshe mai suna Lucien Tesnière, wanda aka buga babban littafinsa a 1959 bayan rasuwarsa, shi ya yaɗa wannan hanyar ƙirga, inda ya kwatanta aikatau da ƙwayar sinadari wadda take da adadin 'yan'uwan da za ta iya riƙewa. Aikinmu a nan shi ne mu ƙirga gurabe kafin a taɓa aikatau, mu sake ƙirgawa bayan an taɓa shi.

Rage gurbi

A ɗauki jimlar "Musa ya gyara mota". Sau da yawa ba mu san wanda ya yi gyaran ba, ko kuma ba shi ne abin da ya dame mu ba. Hausa tana da hanya biyu na kawar da shi, kuma ɗalibai kan ɗauka abu ɗaya ne, alhali ginin su ya bambanta.

Hanya ta farko ita ce a ce "An gyara mota". Sunan Musa ya fita, amma gurbinsa yana nan, sai dai "an" ta zauna a ciki tana wakiltar wani wanda ba a ambata ba. Mota kuwa ba ta motsa daga matsayinta na karɓau ba. Hanya ta biyu ita ce a ce "Mota ta gyaru". A nan aikatau ɗin kansa ya sake siffa, ya ƙare da wasalin "u", gurbin aikau ya rufe, mota ta taso daga bayan aikatau ta koma gabansa, gurabe sun ragu daga biyu zuwa ɗaya.

Ga yadda mutum zai tabbatar da wannan da kansa. A cire kalmar "mota" daga jimlolin biyu, a bar wakilin suna ya tsaya a madadinta. Ta farko za ta zama "An gyara ta", inda "ta" take bayan aikatau kamar yadda take a "Musa ya gyara ta". Ta biyu kuwa za ta zama "Ta gyaru", inda "ta" take gaba, a wurin da "ya" ta Musa take a da. Wannan sauyi daga "ya" zuwa "ta" shi ne shaidar cewa shugabancin jimla ya koma hannun mota. Waɗanda suka yi nahawun Larabci za su gane wannan nan take, domin shi ne abin da yake faruwa idan "kataba", wato ya rubuta, ya koma "kutiba", wato an rubuta, sai abin da aka rubuta ya hau kujerar mai aiki a kira shi na'ibul fa'ili.

Wannan siffa mai "u" tana ɗauke da ƙarin ma'ana wadda "an" ba ta da ita. "Mota ta gyaru" na nufin gyaran ya kama sosai, shi ya sa babu saɓani idan mutum ya ce "An gyara motar amma ba ta gyaru ba". Idan kuma aka ce "Motar ba ta gyaruwa", ana nufin gyaran ba zai yiwu ba ko wa ya gwada. A tsarin giredin aikatau guda bakwai da masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, wannan shi ne giredi na 7. Kuskuren da ya fi yawa a nan yana fitowa ne daga masu fassara, waɗanda sukan so su dawo da aikau ta ƙofar baya su rubuta abu kamar "Motar ta gyaru daga Musa". Wasu harsuna sun yarda da haka, Hausa ba ta yarda ba. Idan ana son a ambaci mai gyaran, sai a ce "Musa ne ya gyara motar".

Akwai wata raguwar mai kama da wannan a "Musa ya fasa gilashi" da "Gilashi ya fashe", ko "ya karya sanda" da "sanda ta karye". Bambancin shi ne gilashi na iya fashewa ba da hannun kowa ba, amma mota ba ta gyaruwa sai wani ya sa hannu, ko da ba a faɗi sunansa ba.

Ƙara mai sa aiki

Yanzu a koma ga "Mota ta tsaya", mai gurbi ɗaya. Idan aka liƙa "-ar" a ƙarshen aikatau aka bi shi da "da", sai a sami "Musa ya tsayar da mota". Sabon mutum ya shigo ya karɓe gurbin aikau, mota kuwa ta sauka ta zama karɓau, kuma har yanzu ita ce ta tsaya, Musa sanadi ne kawai. Haka "fita" yake zama "fitar da", "zauna" ya zama "zaunar da", "shiga" ya zama "shigar da". Idan aikatau ɗin mai gurbi biyu ne tun asali, sai su zama uku: "Audu ya san labari" ya koma "Musa ya sanar da Audu labari". Wannan shi ne giredi na 5, kuma Larabci ma yana da takwaransa a "alima", ya sani, da "allama", ya koyar.

A nan ne nake so ɗalibi ya yi taka-tsantsan, domin ba duk inda aka ga "-ar da" ne aka ƙara gurbi ba. A ƙirga "Musa ya sayi mota": gurbi biyu. A ƙirga "Musa ya sayar da mota": gurbi biyu ne dai, kuma ba a nufin Musa ya sa mota ta sayi wani abu. Abin da ya sauya shi ne alkiblar aikin, a jimla ta farko mota ta zo hannun Musa, a ta biyu ta bar hannunsa. Haka "ya jefa dutse" da "ya jefar da dutse" suke. Saboda irin waɗannan misalai ne masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna cewa ainihin ma'anar wannan giredi ita ce aiki ya fita daga wajen mai yin sa ya nufi wani waje, kuma sa wani aiki reshe ne kawai na wannan ma'ana. A ganina ya yi daidai, domin shi ne bayanin da ya haɗa "fitar da" da "sayar da" a inuwa ɗaya.

Sa'an nan ba kowane aikatau ne yake karɓar wannan ɗafi ba. Idan Audu ne ya umarci Musa da gyara, abin da ake cewa shi ne "Audu ya sa Musa ya gyara mota". An ƙara mai sa aiki, amma da wani aikatau daban, wato "sa", shi ya sa "ya" ta fito sau biyu, kuma "gyara" yana riƙe da gurabensa biyu kamar da.

Ƙara wanda aka yi wa

Wannan hanya ta ƙara gurbi ba ta taɓa aikau. Daga "Musa ya gyara mota" sai a sami "Musa ya gyara wa Audu mota". Musa yana nan a gurbinsa, an buɗe wa Audu sabon gurbi, kuma a lura da inda ya zauna: daf da aikatau, ya tura mota baya. Gaban suna ana sa "wa", ko "ma" a wasu kare-karen harshe, wakilin suna kuwa yana da nasa siffofi: mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu. Wanda aka ƙaro ba lallai ne ya amfana ba, domin a "Musa ya ɓata wa Audu mota" cutuwa ya yi. Aikatau ƙi-karɓau ma yana karɓar wannan gurbi, kamar a "Mota ta ɓace masa".

Wasu aikatau sai sun sake siffa kafin su karɓi wannan baƙo. Ana cewa "ya nemi aiki" amma "ya nema masa aiki", ana cewa "ya faɗi labari" amma "ya faɗa mini labari", kuma babu Bahaushen da zai ce "ya nemi masa aiki". Suwahili yana yin wannan aiki da ɗafi a jikin aikatau, inda "andika", rubuta, yake zama "andikia", rubuta wa.

Ana iya ɗora waɗannan hanyoyi ɗaya kan ɗaya, kuma mai ƙirga ba zai ɓata ba. "Mota ta tsaya" gurbi ɗaya. "Musa ya tsayar da mota" biyu. "Musa ya tsayar wa Audu da mota" uku, kuma a lura cewa "wa Audu" ya shiga tsakanin "tsayar" da "da". "An tsayar wa Audu da mota" uku ne har yanzu, sai dai ba a bayyana wanda yake gurbin farko ba.

Aikin gwaji

Ka rubuta jimlar "Binta ta ɗaura igiya", ka kawar da Binta ta hanyoyin nan biyu, sa'an nan ka maye "igiya" da wakilin suna a kowace jimla ka faɗi inda ya zauna. Bayan haka ka ɗauki "Yaro ya fita", ka ƙaro mai fitar da shi, ka sake ƙaro wanda aka fitar wa, kana rubuta adadin gurabe a gefen kowace jimla. Daga ƙarshe ka gwada "Binta ta zuba ruwa" da "Binta ta zubar da ruwa", ka bayyana wa abokin karatunka ko an ƙara gurbi, da abin da ya sauya idan ba a ƙara ba.