Babi na Tara: Rubuta Rahoto Idan Shafin Biya Ya Sandare

Darasi na ɗaya: wayar da ke hannunka ba ta hannunsa

Ka zaɓi atamfa a wani shagon intanet, ka saka ta a kwando, ka zo shafin biya, ka danna madannin da aka rubuta wa Pay Now. Wani ɗan zobe ya fara juyawa, ya ƙi tsayawa. Wannan shi ake nufi da shafi ya sandare. Wanda zai gyara shi shi ne mai gina shafin, kuma yana can wani gari da tasa wayar da tasa kwamfutar. Idan ka rubuta masa "shafinku ba ya aiki", zai buɗe a wajensa ya ga komai lafiya lau, ya ajiye saƙonka. Kamar ka ce wa bakanike "motata ba ta da lafiya" ne, alhali ka baro motar a gida. Aikin rahoto shi ne ya sa matsalar ta faru a gabansa kamar yadda ta faru a gabanka.

Kafin komai, kada ka ƙara danna madannin. Duba ko alat ɗin cire kuɗi ya shigo, domin wani lokaci banki ya riga ya cire, shafin ne kawai bai nuna ba.

Darasi na biyu: canja abu ɗaya tak

Burauza ita ce manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita. Mai zagaye da ja, ɗorawa, kore da shuɗi a tsakiya ita ce Chrome. Mai jan harafin O ita ce Opera Mini. Dubi fuskar wayarka yanzu, ka ɗora yatsa a kan wadda ka yi amfani da ita, ka faɗi sunanta da ƙarfi. Madalla.

A ce a Opera Mini shafin ya sandare, kuma ka tabbatar ba a cire kuɗi ba. Sai ka buɗe Chrome a wannan wayar, ba wata ba. Da layin datar da kake kai, a wurin da kake zaune. Ka shiga shagon da asusunka na ɗazu, ka zaɓi atamfar nan dai, ka zaɓi hanyar biya ta ɗazu. Burauza kaɗai ka canja.

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu sake. Waya ɗaya, layi ɗaya, kaya ɗaya, hanyar biya ɗaya, burauza biyu. Idan Hajiya ta karɓi wayar ɗanta ta gwada ya yi aiki, me ta gano? Ba ta gano komai ba. Wayar daban ce, layin daban ne, wataƙila burauzar ma daban ce, to wanne daga ciki ne ya kawo gyaran? Idan Malam ya bari sai da safe ya gwada a Chrome da intanet ɗin ofis, shi ma ya canja abu uku: lokaci, layi da burauza. Babu laifi, kowa da haka ya fara. Koma ka sake, ka canja burauza kawai.

Na ce kawai. Kullum ina faɗa, kullum sai wani ya dawo min da "ai na gwada a wayar maƙwabcina". Wayar maƙwabcinka ba ta cikin wannan darasi. Rubuta a littafinka da manyan baƙaƙe: BURAUZA KAƊAI NA CANJA.

Ka tuna fa, idan Chrome ta yi aiki har ƙarshe, ciniki ya faɗa, za a cire kuɗi. In ba ka shirya saye ba, ka tsaya da zarar an nuna maka wurin saka lambar kati, wannan ma ya isa shaida cewa madannin ya amsa.

Darasi na uku: abin da ke ɓoye a Opera Mini

Mutanenmu suna son Opera Mini saboda tana tattalin data, kuma suna da gaskiya. Sai dai a cikin Settings ɗinta akwai wurin da aka rubuta Data savings. Idan yana kan Extreme, shafin ba ya zuwa wayarka kai tsaye. Yana fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, a sarrafa shi a can, a matse shi, sannan a turo maka. Shafin biya kuwa ya dogara da ƙananan umarni da ake kira JavaScript, waɗanda aka tsara su riƙa aiki a cikin wayarka suna jiran amsar banki. A Extreme ɗan lokaci kaɗan ake ba su, shi ya sa madanni kan yi shiru ko shafi ya tsaya a rabi. Duba ka rubuta abin da ka gani a wurin. Sannan ka mai da shi Off ka sake gwadawa, nan ma abu ɗaya tak ka canja. Idan yanzu ya yi aiki, ka rage wa mai gyara rabin wahala.

Lambar burauza ma ana buƙata. Shiga Settings na wayar, ka danna Apps, ka zaɓi burauzar, ka nemo inda aka rubuta version. Kwafe lambobin duka har da ɗige-ɗigen.

Darasi na huɗu: rahoton kansa

Ga yadda zai kasance. Inda na bar layi, kai za ka cike.

Take: Shafin biya yana sandarewa a Opera Mini, amma yana aiki a Chrome.
Waya: Tecno Spark 10, Android 13.
Burauza: Opera Mini, lamba ______, Data savings a kan Extreme.
Matakai: 1. Na shiga asusuna. 2. Na saka atamfa turmi ɗaya a kwando. 3. Na danna Checkout. 4. Na zaɓi biya da kati. 5. Na danna Pay Now.
Abin da na zata: a nuna min wurin saka lambar kati.
Abin da ya faru: zobe ya yi ta juyawa har minti biyu, babu wani saƙo, ba a cire kuɗi ba.
Gwaji: a Chrome mai lamba ______, waya ɗaya, layi ɗaya, kaya ɗaya, ya yi aiki. A Opera Mini da Data savings a kan Off ma ya yi aiki.
Lokaci: rana ______, ƙarfe ______.

Dubi layin gwaji. Ka ga kalmomin nan sun sake dawowa? In babu su a rahotonka, bai kammala ba. Kuma sunan madanni a kwafe shi harafi da harafi yadda yake a fuskar waya, kada a fassara.

Darasi na biyar: hoto

Danna madannin kunna waya da na rage sauti a tare, zai ɗauki hoton fuskar wayar. Haɗa shi da rahoton. Lambar kati, lambobi uku na bayansa, PIN da OTP, ko ɗaya kada ya fito a hoto ko a rubutu. Mai gyara ba ya buƙatar su.

Darasi na shida

Aika ta adireshin da ke ƙarƙashin Contact ko Support. In an yi maka tambaya, ka amsa ta.

Aikin gida: kwafe rahoton darasi na huɗu, ka saka bayanan wayarka a ciki, ka zo da shi ranar Asabar.